"Zan Riƙa Dawowa": Yadda Ake Neman Ragi a Wurin Dila

Babu dilan kaya a kasuwar Singa ta Kano da zai wuni a shagonsa bai ji wannan magana ba: "Alhaji, a yi mini ragi, ai zan riƙa dawowa." Mai sayen katan ɗaya yana faɗa, mai cika mota yana faɗa, har wanda ya zo daga Maraɗi ko Damagaram kuma bai san ranar da zai sake tako Kano ba, shi ma yana faɗa. Saboda yawan jin ta, maganar ta daina shiga kunnen 'yan kasuwa. Dila zai yi murmushi, ya ce Allah ya kai mu, sannan ya maimaita kuɗin da ya faɗa tun farko.

Duk da haka, mai saye kullum yana da daraja ta gaske a wurin mai sayarwa, kuma ana iya mayar da wannan daraja ta zama ragi a kan kowane buhu ko katan. Sharaɗin dai shi ne a faɗi maganar dawowar ta yadda dila zai iya ɗaukar biro ya lissafa ta, kuma a tsara ragin ta yadda ba zai yi asara ba idan mai sayen ya ɓace. Za mu bi maganar ta kan mai gidan burodi da dilan fulawa, domin a fulawa riba siririya ce, kuma wanda ya iya ciniki a inda riba take siririya ba zai sha wuya a sauran kaya ba. Kuɗaɗen da za a gani a ƙasa na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. Mai karatu ya cire su ya sa farashin ranar da yake karantawa.

Abin da ke aljihun dila

Mu ɗauka mai gidan burodin nan yana kwaɓa buhu 5 a rana, kwana shida a mako. Buhu 30 ke nan duk mako, kowanne mai kilo 50. Mu ce ana sayar da buhu naira 60,000 a kasuwa. Dila kuma ya ɗauko shi daga kamfani a kan 58,500, ya kashe wata 500 a kuɗin mota da saukale da hayar sito. Abin da ya rage masa a kan buhu naira 1,000 ne.

Wanda bai san wannan ba shi ne yake shiga shago ya taya buhun 60,000 a kan 55,000, yana ganin ya yi wayo, kamar yadda ake taya takalmi ko shadda. Albarka kawai za a ce masa, kuma daga nan dila ya gane cewa baƙo ne a harkar. A kayan kamfani irin su fulawa da sukari da man girki, kowa a layin ya san kuɗin da aka fito da su, tazarar da ke tsakanin shago da shago ba ta da yawa. Neman ragin naira 500 a buhu, wanda a ido bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ba, neman rabin ribar mutum ne. Ya kamata mai saye ya shiga da sanin girman abin da yake roƙo.

To me zai sa ɗan kasuwa mai hankali ya yafe rabin ribarsa? Amsar tana cikin yadda yake samun kuɗinsa. Tirela guda tana ɗaukar buhu 600. A lissafinmu, sama da naira miliyan 35 ke nan ya zuba a mota ɗaya, don ya ci ribar 600,000 idan ta ƙare. Idan motar ta ƙare a mako guda, zai juya kuɗinsa sau huɗu a wata. Idan ta yi wata tana kwance a sito, sau ɗaya ya juya, ga hayar sito tana ci, ga fargabar ɓera da danshi. Saboda haka abin da ya fi damun dila shi ne saurin fitar kaya da dawowar kuɗi. Mai ɗaukar buhu 30 duk mako yana kwashe kashi ɗaya cikin ashirin na tirela. Dilan da ya tara irinsa ashirin ya sayar da motarsa tun ba ta baro kamfani ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a gaban mai saye ba. Kamfanoni sukan yanka wa dilolinsu adadin da ake so su ɗauka a wata ko a wata uku, wanda ya cika a ba shi wani kaso na lada a bayan ciniki. Dilan da ya rage masa 'yan buhuna ya cika adadinsa yana iya sayarwa kusan a kan uwar kuɗi, domin ladan kamfani zai rufe masa. Shi ya sa mutumin da ya kafe a ranar 5 ga wata wani lokaci sai a tarar ya yi laushi a ranar 27.

Yanzu a duba ɓangaren mai burodi. Ragin 500 a buhu 30 naira 15,000 ne a mako. A shekara yana cin buhu 1,560, fiye da tirela biyu da rabi, ragin kuma ya kama naira 780,000, wato kuɗin buhu 13. Wannan ya isa a zauna a yi masa shiri, maimakon a jefa shi a bakin ƙofa ana tsaka da ƙirga kuɗi.

Yadda zaman yake tafiya

Kafin a je, a zaga a ji farashi a shago uku ko huɗu, iri ɗaya na fulawa, rana ɗaya. Sannan a nemi mai shagon da kansa. Yaron shago an ba shi kuɗin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, ko da ya so. Duk doguwar maganar da aka yi da shi ɓata yawu ne, ko da yake kyautata masa yana da amfani, don shi zai gaya maka lokacin da maigida yake zaune. Kuma kada a tayar da zancen ragi a gaban wasu masu saye. Dilan da zai iya sallama maka a keɓe ba zai yi haka mutum biyar na saurare ba, domin kowannensu zai ce a yi masa irin naka.

Ga yadda maganar kan kasance bayan gaisuwa.

"Alhaji, gidan burodi gare ni. Buhu 5 nake kwaɓawa a rana, ban da Juma'a. Duk Asabar nake sayen na mako, buhu 30, kuma kuɗi hannu nake biya."

"Madalla. Yau 60,000 ne."

"Haka na ji a layin. Ni dai ranka ya daɗe na gaji da zagaye shago-shago duk mako. So nake in sami wuri ɗaya in zauna, idan farashi ya yi mini. Mai ɗaukar 30 duk Asabar, nawa za ka ba shi?"

A lura da abin da mai burodin ya yi. Bai yi rantsuwa ba, bai ce daga yau ba shi da dila sai Alhaji ba. Ya faɗi abin da yake ci, da ranar da yake saye, da yadda yake biya, dukkansu abubuwa ne da ake iya bincikawa. Sannan ya rataya dawowarsa a kan sharaɗi: idan farashi ya yi masa. Ya kuma bar Alhaji ya fara faɗin adadi. Idan yana da tsofaffin rasitai na makonnin baya a aljihu, ko saƙonnin banki da ke nuna abin da yake turawa duk Asabar, nuna su ya fi kowace irin magana mai daɗi, ko da an rufe sunan wancan dilan da yatsa.

Alhaji zai ce, "Malam, kowa haka yake cewa. Ka ɗauka a 59,800." Gaskiya ya faɗa, kuma bai kamata a ji haushi ba. Daga inda yake zaune, lissafin a fili yake: idan ya rage 500 yau mutumin bai dawo ba, ya yi kyautar naira 15,000 ga wanda bai sani ba. Masu saye da yawa a nan suke ɓata ciniki, su shiga ƙara gishiri, buhu 30 ya koma 50, a ce ana shirin buɗe reshe na biyu, a ce akwai ƙani da shi ma zai riƙa zuwa. Duk abin da aka ƙara yana rage wa maganar farko nauyi.

Hanyar da ta fi ita ce a ɗauke wa dila fargabar gaba ɗaya.

"Alhaji, ban ce ka yarda da ni yau ba. Na karɓi 59,800 ɗin. Amma mu yi haka: a riƙa rubuta abin da na ɗauka. Ranar da na cika buhu 120 a cikin wata, ragin ya zama 500 a kowane buhu, a cika mini abin da ya rage. In ban cika ba, ba na bin ka komai."

Idan Alhaji bai son ya taɓa farashin ranar ko kaɗan, akwai siga mafi sauƙi: a saya a kan 60,000 yadda kowa yake saya, amma duk buhu 120 a ba da buhu ɗaya gyara. Naira 500 sau 120 ita ce 60,000, kuɗin buhu guda cif. Diloli da yawa sun fi son wannan, saboda dalili biyu. Buhun da zai bayar a kan kuɗin da ya sayo shi yake tsaya masa, wato 59,000 a misalinmu, sannan rasitinsa bai nuna ya karya farashi ba, balle maƙwabta su ce yana ɓata kasuwa. Shi kuma mai burodi fulawa yake buƙata, ko da kuɗi aka ba shi ita zai saya.

A ganina wannan tsari ya fi duk wata dabarar baki. Ya mayar da "zan riƙa dawowa" daga abin da sai an gaskata zuwa abin da ake ƙirgawa, kuma ba wanda aka yaudara. Aibinsa guda: mai saye ne yake jiran haƙƙinsa har ƙarshen wata, don haka dole a rubuta.

Ragi ake ƙullawa, farashi kuwa na rana ne

Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, don haka kuɗin fulawa yana bin dala. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ga cire tallafin man fetur da ya ɗaga kuɗin mota a daidai wannan lokaci. Duk wanda ya yi harkar kayan masarufi a watannin nan ya ga ranar da farashin safe ya bambanta da na yamma. Dila ba ya manta irin wannan. Idan aka ce masa ya tsayar da buhu a kan 59,500 na wata uku, ko dai ya ƙi, ko ya amsa da baki ya warware ranar da kamfani ya ƙara kuɗi, a yi ɓatacciya.

Abin da ake ƙullawa shi ne tazara: naira 500 ƙasa da farashin da shagon yake sayar wa kowa a ranar. Fulawa ta hau, ragin yana nan. Ta sauka, yana nan. Sai dai wannan yana ɗora wa mai saye aikin sanin farashin ranar da kansa, domin babu wahala a ce masa yau 60,500 ne, an rage masa ya biya 60,000, alhali kowa 60,000 yake saya. Kiran waya biyu kafin a fita daga gida ya wadatar.

Motsin farashi kuma yana nuna lokacin da ya dace a tayar da maganar. Idan ana raɗe-raɗin kamfani zai ƙara kuɗi, diloli riƙe kaya suke yi, ba mai sauraron zancen ragi. Haka ma gab da azumi, lokacin da masu saye suka yi yawa. Idan kuwa farashi ya kama sauka, kowa so yake ya rabu da abin da ke sitonsa kafin ya ƙara faɗuwa, kunne a buɗe yake. A irin wannan lokaci ne za a ce maka ka ɗauki buhu 100 a yi maka ragi mai tsoka. A yi hattara. Ragin 1,000 a kan kayan da za su sauka da 2,000 kafin ka gama amfani da su asara ce, ga shi fulawa ba ta son dogon ajiya, musamman da damina, inda take dunƙulewa ta yi ƙwari. Tun asali ƙarfin mai burodi a yawan dawowarsa yake, bai kamata ya bari a juya masa shi ya koma yawan ɗauka a rana ɗaya ba.

Kuɗin buhu shi ne abin da ya tsaya maka a ƙofar gidan burodi

Wani dilan zai ji labari ya ce ka zo ya ba ka a kan 59,300. A baki ya fi 59,500 sauƙi da naira 200. Amma a wurinsa kai za ka biya 'yan dako 150 a kowane buhu, alhali Alhajin farko yaransa suke yi maka lodi. Sitonsa kuma yana can nesa, mai mota ya ƙara 6,000 a kan abin da ka saba biya, wato 200 a buhu. Buhun ya tsaya maka 59,650, ya fi na farko tsada da 150. Farashi biyu ba sa kwatantuwa sai an kai su wuri ɗaya an sauke.

Wannan kuma yana buɗe wata ƙofa idan dila ya kafe a kan kuɗi. Akwai abubuwan da suke da arha a wurinsa amma suke da tsada a wurinka. Idan motarsa tana bi ta unguwarku kai wa wasu kaya, sauke maka buhu 30 a hanya bai ci masa komai ba, kai kuwa ya ɗauke maka kuɗin mota. Haka alkawarin canza duk buhun da aka tarar ya jiƙe ko ya fashe, haka ware maka kasonka ranar da fulawa ta yi wuya a kasuwa. Mai burodin da tandarsa ta taɓa kwana a sanyaye saboda rashin fulawa ya san wannan na ƙarshen ya fi ragin 500.

Abu ɗaya ne ba a haɗa shi da neman ragi, shi ne neman bashi. Kuɗi hannu yana cikin abin da ka sayi ragin da shi. Wanda ya ce a rage masa, sannan ya ce a ba shi kaya sai mako mai zuwa ya kawo kuɗi, ya karɓe da hagu abin da ya miƙa da dama. Bashi yakan zo da kansa bayan an saba, kuma idan ya zo, kada a yi mamaki in farashinsa ya ɗara na kuɗi hannu. Akwai masu bin akasin haka, su ajiye wa dila kuɗin wata guda tun kafin su ɗauki kaya don a ƙara musu ragi. Malaman fiƙihu sun san irin wannan ciniki da sunan salam, kuma sun sharɗanta a fayyace irin kayan da adadinsu da lokacin karɓa, a kuma biya kuɗin gaba ɗaya. Ko ba don hukunci ba, wanda zai ba wa mutum miliyoyinsa ajiya ya tabbata ya san shi fiye da sanin shago.

A rubuta, ko da layi huɗu ne

Cinikin kasuwarmu da baki ake ƙulla shi, kuma wasu dattawan suna jin neman takarda kamar zargi ne. Ba sai an kawo lauya ba. Saƙon waya bayan an koma gida ya isa, a sigar godiya:

"Salamu alaikum Alhaji. Na gode da karamcin yau. Don kada in manta: zan riƙa ɗaukar kimanin buhu 30 duk Asabar, kuɗi hannu, a farashin ranar. Duk wata da na cika 120, akwai buhu ɗaya gyara. Lodi naku ne. Idan zan rage ko ba zan zo ba, zan sanar tun Alhamis. In na yi kuskure a gyara mini."

Idan ya amsa da "to, Allah ya sa albarka", an gama. Kalmar "kimanin" da ke ciki da gangan aka sa ta, haka ma zancen sanarwa tun Alhamis. Kasuwar burodi tana hawa tana sauka. Hutun makaranta kaɗai yana iya mayar da buhu 30 ya koma 22. Mai saye ya bar wa kansa wurin juyawa, dila kuma ya sami abin da yake so, wato sanin abin da zai fita kafin ya yi odar mota.

A nan ne bambancin nuni da alkawari yake da muhimmanci. Nuni shi ne ka faɗi abin da kake ci da niyyarka ta zama wuri ɗaya idan an daidaita. Alkawari kuwa kaya ne, da zarar ka ce za ka ɗauki adadi kaza, dila yana iya ƙara oda saboda kai, ko ya hana wani don ya ajiye maka. Wanda ya san buhu 30 ɗin nan na bikin ƙanwarsa ne, daga shi babu wani, amma ya ce duk mako zai riƙa zuwa don a rage masa, ƙarya ya yi don ya ci dukiyar wani, ko da an kira ta iya ciniki. Kuma kasuwa ba ta da girman da ake zato. Diloli suna salla a masallaci ɗaya, 'yan dako da direbobi suna yawo tsakanin shaguna da labari. Haka nan ƙirƙiro farashin da ba a ba ka ba, ka ce wane ya sallama maka a 58,000: Alhaji ya san kuɗin kamfani, zai ce maka ka hanzarta ka saya a can, har ma ka sayo masa.

Idan ragin ya fara fita ta wata ƙofa

Yawancin diloli idan sun sallama sun sallama. Amma akwai wanda zai amsa da fara'a, sannan ya nemi hanyar mayar da kuɗinsa a ɓoye, kuma mai saye kullum ya fi kowa sauƙin cuta saboda ya daina dubawa. Alamar farko ita ce a fara turo maka tsohon kaya na ƙasan sito. A duba kwanan watan da ke jikin buhu, a sa hannu a ji ko garin ya dunƙule, a sunsuna. Warin danshi ba ya ɓuya. Ta biyu ita ce nauyi. Kilo ɗaya da ya ɓace daga buhun 60,000 naira 1,200 ne, ya cinye ragin 500 sau biyu har da ɗoriya. A riƙa ɗora buhu biyu ko uku a sikeli daga kowane lodi, a kuma dubi ɗinkin baki, domin ɗinkin kamfani a miƙe yake, zare iri ɗaya, buhun da aka farke aka sake ɗinkewa yana nuna tsofaffin hujojin allura. Ta uku ita ce a ce irin da ka saba da shi ya yanke, ga wani "duk ɗaya ne", a kan kuɗi ɗaya.

Mai burodi yana da ma'aunin da ya fi duk waɗannan: ya san adadin burodin da buhu yake ba shi. Idan kwaɓi ya daina shan ruwa yadda ya saba, ko burodi ya ƙi tashi, ko adadin ya ragu alhali ba a canza ma'aikaci ko yis ba, a koma kan fulawar. A fara yi wa dila magana a keɓe, da buhun a hannu, domin sau da yawa aikin yaran sito ne, shi bai sani ba. Yadda ya karɓi ƙorafin shi zai nuna ko za a ci gaba.

Saboda irin wannan ne ba na ba da shawarar a yanke hulɗa da kowa don an sami dila ɗaya. A lissafinmu an ƙulla 120 a wata, alhali buhu 30 a mako yana kaiwa kusan 130. Wannan 'yar rarar a riƙa sayen ta a wani shagon. Tana sanar da kai farashin gaskiya, tana ba ka abin da za ka gwada inganci da shi, kuma ranar da motar Alhaji ta makale a hanya kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba a matsayin baƙo ba. Ba abin ɓoyewa ba ne; dila mai hankali ya san haka ake yi, shi ma ba kamfani ɗaya yake ɗauka wa kaya ba.

Bayan wata uku ana cika adadi ba tare da fashi ba, sai a koma a zauna. A lokacin ba nuni ake yi ba, littafin Alhaji da kansa yana nuna buhu 360 da aka biya kuɗinsu a ranar da aka ɗauka. Nan ne ake neman a mayar da gyaran ƙarshen wata ya zama ragi a take, ko a ƙara da kai kaya gida, ko a buɗe bashin mako guda. A zaɓi ɗaya daga ciki a nema, a bar sauran sai wani zaman.